Na biya kuɗin ƙungiya, me ya sa shafin bai buɗe mini ba?

Ƙungiyoyin ma'aikata, irin na malaman asibiti, unguwarzoma da masu kula da lafiyar dabbobi, wasunsu yanzu suna da shafi a intanet mai ɓangare biyu. Ɗaya kowa na iya gani. Ɗayan kuwa, inda ake ajiye katin ɗan ƙungiya, takardun horo da sanarwar aiki, sai wanda ya latsa "Se connecter" ya sa lambarsa da kalmar sirri. Wani kuma yakan biya kuɗin shekara amma ya tarar da ɓangaren nan a rufe.

Abin da za a gane shi ne, shafin ba ya ganin kuɗi. Abin da yake dubawa kawai shi ne ranar da aka rubuta gaban lambarka cewa biyanka zai ƙare. In ka biya daga cikin shafin, bayan ka shiga da sunanka, kuɗin na tafiya tare da lambarka, ranar ta canza da kanta. In kuwa ka tura ta Airtel Money ko ta Nita kai tsaye ga ma'aji, to sai shi ya shiga ya gyara da hannunsa.

A ce wata unguwarzoma ce a ƙauyen Tasawa, kuɗin ƙungiyarsu jika shida a shekara. Ƙanenta da ke Abijan ya ce zai biya mata, ya tura. Ma'aji a Maraɗi ya ga jika shida sun shigo da sunan namiji, daga lambar ƙasar waje. To na wa ne? Haka kuɗin za su zauna, ita kuma tana can tana zargin rezo. Da ƙanen ya aika wa ma'aji hoton resi, da lambar aiken, da lambar yayarsa ta ƙungiya, da an gama tun ranar. Wani lokacin ma kuɗin aike ne ake cirewa a ciki, 5.900 su iso maimakon 6.000, shafin ya ɗauka biyan bai cika ba.

Ga yadda za ka bambance. In ka shiga ka ga sunanka amma takardun ba su buɗe ba, matsalar ta biya ce, nemi ma'aji, kada ka sake turawa. In shigar ce ta ƙi, kalmar sirri ce, latsa "Mot de passe oublié". Sai dai saƙon zai je ga lambar salula ko imel ɗin da ka yi rajista da shi, wanda ya canza layi sai ya je biro a gyara masa.

Ku tambaya kuma yadda ƙungiyarku ke ƙirga shekara. Wasu wata 12 ne daga ranar biya, wasu kuwa ranar 31 ga Disamba kowa ke rufewa, ko da a Nuwamba ya biya.

Lambar sirrin asusun kuɗinka ta salula daban take da kalmar shiga shafi. Ma'aji ba ya bukatarta don tabbatar da biyanka, duk wanda ya kira ya nema a kashe masa waya.