Sabunta Direba: Yaushe Gyara, Yaushe Ɓarna?

Direba wata manhaja ce da ke haɗa Windows da katin hoto ko na'urar Wi-Fi. Sabunta shi na taimakawa idan intanet na yawan yankewa bayan kwamfuta ta farka daga barci, ko sabon wasa ya ƙi buɗewa.

Matsalar ta fi zuwa a laftof: kamfanin da ya ƙera ta kan daidaita direbanta, Windows Update kuma ya ɗora wani. Sai allo ya riƙa ƙyaftawa, ko Wi-Fi ya ɓace.

Idan haka ta faru, buɗe `Device Manager`, shiga `Properties` na na'urar, sannan `Driver`, ka danna `Roll Back Driver`. Idan kuwa komai lafiya, kada ka yi gaggawar taɓa shi.