Lambar 615 ba ta nufin an yi kayan a Nijeriya

Akwai wani saƙo da ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, wai ka duba lambobi uku na farko a ƙarƙashin zanen layukan nan baƙaƙe da ke bayan kwali, wato bakod, za ka san ƙasar da aka yi kaya. In ka ga 690 zuwa 699 ɗan China ne, 890 ɗan Indiya, 615 ɗan gida. Har a kasuwar Singa za ka ji mai shago yana nuna wa mai saye lambar yana cewa, "Alhaji, duba da kanka, ɗan Ingila ne."

Lambobin dai ba ƙirƙira ba ne. Ƙungiyar GS1, wadda ke raba su a duniya, ta ware wa kowane reshenta nasa: 615 na Nijeriya, 603 na Ghana, 500 zuwa 509 na Birtaniya. Sai dai abin da suke nunawa shi ne ƙasar da kamfani ya yi rajistar lambarsa. Ba ruwansu da inda masana'anta take. Ɗan kasuwan da ya yi rajista a Legas zai iya ba da kwangilar yi masa tumatirin gwangwani a China, a buga masa 615 a jiki, kuma bai karya dokar GS1 ba. Mai neman asalin kaya sai ya karanta inda aka rubuta `Made in` da adireshin masana'anta.

Magana ta biyu ta fi haɗari: wai in ka haska bakod da waya sunan kayan ya fito, to na gaske ne. Wannan ƙarya ce. Bakod suna ne na nau'in kaya, kuma duk gwangwanin madara iri ɗaya mai girma ɗaya lamba ɗaya yake ɗauka, ko da miliyan aka yi. Mai jabu kwafar zanen kawai zai yi, wayarka kuma ta karanta shi lafiya lau.

Wasu kan kafa hujja da lamba ta goma sha uku, wato ta ƙarshe a bakod, wadda ake samu ta lissafi. Ɗauki `615123456789` a matsayin misali. Lambobin gurbi na ɗaya, na uku, na biyar har zuwa na sha ɗaya sun haɗu 31. Sauran shidan sun haɗu 26, a ninka sau uku ya zama 78. Jimilla 109, saura 1 ta cika 110, don haka lambar ƙarshe 1 ce. In lissafin bai fita ba, lallai ka yi shakkar kayan. In ya fita, bai tabbatar da komai ba, domin an yi shi ne don na'urar kanti ta gane kuskuren karatu.

Lambar rukuni, wadda ake rubutawa da `Batch No.` ko `BN` ko `LOT`, ita ce ta fi amfani, ita ce kuma aka fi rainawa. Kamfani ne da kansa ke ba da ita ga kayan da aka haɗa a zubi ɗaya, kowa da salonsa, shi ya sa ba ta faɗin ƙasa. Ranar da aka samu matsala take aiki. A watan Afrilun 2024 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar janye maganin tarin yara na Benylin mai lambar rukuni 329304, bisa gwajin da ta ce ya nuna sinadari mai guba a ciki. Uwar da ke da kwalba a gida, wannan lambar ce kaɗai za ta gaya mata ko tata na cikin waɗanda ake nema.

Ita ma ana kwafarta, amma a nan masu jabu suka fi yin sakaci. Buɗe kwalin magani tun kana gaban mai kemis. Lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin kwali dole su zo daidai da na jikin katin ƙwayoyin ko kwalbar. In sun saɓa, ko ka ga alamar gogewa, ko an manna wata takarda a kan tsohon rubutu, mayar masa da abinsa.

Abin da aka yi don kwali ɗaya tak shi ne lambar kankarewa da NAFDAC ta fara amfani da ita a 2010, wadda ake gani a magungunan zazzaɓin cizon sauro da wasu na kashe ƙwayoyin cuta. Ka kankare da hannunka, ka tura ta saƙon tes zuwa lambar da ke jikin kwalin, ka jira amsa kafin ka biya. Kwalin da aka riga aka kankare, don Allah kada ka karɓa.