Lambar Da Ke Bayan Talabijin: Abin Dubawa Kafin A Tafi Banex

A shagunan kayan lantarki na Banex Plaza da ke Wuse 2, wanda ya ce talabijin ɗinsa "inci 55 ne" bai gama bayani ba. Cikakken bayanin yana kan 'yar takardar da ke manne a bayan akwatin.

Lambobi biyu ke rikita mutane. Wadda ke gaban S/N ta wannan akwatin ce kaɗai, ba ta da amfani wajen sayayya. Wadda ke gaban Model ita ake nema. A Samsung UA55TU7000, alal misali, 55 girman allo ne, harafin T kuma na nuna ƙirar 2020. Da wannan lamba ake zaɓo rimot ɗin da ya dace.

Ƙarfen ratayewa a bango kuwa, tazarar ramuka huɗun da ke baya yake bi, wato ma'aunin VESA. Ana aunawa daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar rami, a kwance sannan a tsaye. A wannan samfurin milimita 200 ne ta kowace fuska, kusoshinsa kuma M8.

Idan kusa ta cije alhali ƙarfen yana girgiɗi, ta yi tsawo. Matsa ta da ƙarfi na iya lalata kayan cikin talabijin.