Sharuɗɗan Dillancin Lemo a Kasuwannin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Kamfanin lemo da ke son shiga Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa yakan daidaita da dila kan riba, wa'adin bashi da keɓe yanki, kuma kowane sharaɗi yana shafar sauran. Idan dila ya sari katan a naira 4,000 ya sayar 4,400, ribarsa kashi 10 ce, amma idan shi zai biya jigila daga Funtuwa zuwa Ruwan Godiya, rabinta na iya tafiya a hanya. Wa'adin bashi, wato kwanakin da ake ɗaga masa kafin biya, ya kamata ya zarce kasuwa biyu, domin 'yan tireda sai ranar kasuwa suke biya. Keɓe yanki kuwa, wato hana wani dila sayarwa a wurin, ana ɗaure shi da adadin katan na wata, wanda idan dilan yankin ya gaza kaiwa, haƙƙin ya faɗi.