Gaɓar da Ake Dannawa da Gaɓar da Ake Rerawa

Idan Bamisire daga Alƙahira da mutumin Dimashƙu suka faɗi sunan makaranta da Larabci, wato madrasa, kunne zai ji bambanci tun kafin a zo ga wasalin ƙarshe. Na Dimashƙu zai ɗora ƙarfinsa a kan gaɓar farko, MAD, na Alƙahira kuwa ya tsallake ta ya danna ta tsakiya, ya ce mad-RA-sa. Ma'ana ba ta sauya ba, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Kowanne yana bin ƙa'idar garinsu ne wajen zaɓen gaɓa ɗaya da za ta fi sauran fitowa. Wannan fifita gaɓa ɗaya shi za mu kira danni, kuma yakan rikita Bahaushe, domin harshenmu ba a kansa ya ginu ba. Mu da karin sauti muka tashi.

Ƙa'idar Larabcin da ake koyarwa a makarantu a yau ta dogara ne da nauyin gaɓa, abin da duk mai nazarin rubutacciyar waƙar Hausa ya sani. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar ka. Mai nauyi ita ce wadda ke da dogon wasali, kamar kaa, ko wadda baƙi ya rufe ta, kamar tab. Akwai kuma mai nauyi ƙwarai, wadda ta haɗa dogon wasali da baƙi, kamar taab, ko ta ƙare da baƙaƙe biyu. Daga ƙarshen kalma ake soma dubawa, ana komowa baya.

Ɗauki kitaab, yadda ake faɗarta idan an tsaya a kanta. Gaɓar ƙarshe mai nauyi ce ƙwarai, saboda haka ita ke ɗaukar danni: ki-TAAB. A katabta, "ka rubuta", ta ƙarshe ba ta da wannan nauyi, sai a matsa ga ta kusa da ƙarshe. Tab mai nauyi ce, sai a tsaya a nan: ka-TAB-ta. A kataba, "ya rubuta", ta kusa da ƙarshen ma ba ta da nauyi, don haka danni ya zarce ga ta uku daga ƙarshe: KA-ta-ba. Saiwar kalmar ɗaya ce, amma dannin yana ta ƙaura gwargwadon yadda ɗafe-ɗafe suka sauya siffar gaɓoɓi. Da wannan lissafi madrasa take ba da MAD-ra-sa. Mutanen Alƙahira suna da ƙarin sharaɗi nasu: idan ta uku daga ƙarshe mai nauyi ce, ta biye da ita kuma marar nauyi, to ta biyen ake dannawa. Shi ya sa suke cewa mak-TA-ba ga ɗakin karatu.

Akwai wuri guda da ɗalibi Bahaushe yake yawan tuntuɓe. Da yake kunnenmu ya ƙware wajen jin tsawon wasali, mukan ɗauka duk inda aka ja wasali nan danni yake. Kalmar katabaa, "su biyu sun rubuta", ta rushe wannan zato. Wasalinta na ƙarshe dogo ne, amma dannin yana nan a farko, KA-ta-baa, domin dogon wasalin da babu baƙi a bayansa bai isa ya jawo danni zuwa ƙarshen kalma ba. Tsawo daban, danni daban. Abin mamaki ma, magabatan malaman nahawu irin su Sibawaihi, wanda ya rayu a ƙarni na 8, sun bi makwararar kowane harafi daki-daki, amma ba su tsara ƙa'idar danni ba. Dalili mai yiwuwa shi ne, abin da siffar kalma kan nuna da kanta, wanda kuma ba ya raba ma'ana, ba ya tilasta wa malami ya rubuta shi.

Wasu harsunan ba su ma damu da nauyi ba, gurbi kawai suke ƙirgawa. Harshen Suwahili yana danna ta kusa da ƙarshe kusan kullum: NYU-mba gida ne, da an ƙara ɗafi aka ce "a gida" sai ya koma nyu-MBA-ni. Harsunan ƙasashen Finland da Hungary gaɓar farko suke dannawa. A ɗaya gefen kuma ga Rashanci da Ingilishi, inda sau da yawa sai an haddace gurbin tare da kalmar. A Rashanci ZA-mok ƙaton gidan sarauta ne mai ganuwa, za-MOK kuwa kwaɗon kulle ƙofa.

To da me ake gane gaɓar da aka danna? An daɗe ana cewa ƙarar murya ce. Dennis Fry, wani masanin furuci a Landan, ya gwada haka a 1955 da 1958 ta hanyar sarrafa sautin kalmomin Ingilishi da na'ura yana kunna wa mutane. Ya tarar tsawon gaɓa ya fi ƙara tasiri a kunnen mai sauraro, motsin murya sama ko ƙasa kuma ya fi su duka. A Ingilishi da Rashanci akwai ƙarin alama, wasalin gaɓar da ba a danna ba yakan dushe. Ke nan danni ba shi da sauti ɗaya tak da za a nuna a ce shi ne. Matsayi ne da gaɓa take riƙewa, kowane harshe kuma da irin alamomin da yake bayyana shi. Hawan murya ma ba mallakar kalmar ba ne, na jimla ne: Bature zai iya sauke murya a kan gaɓar da ya danna idan tambaya yake yi, dannin kuma bai gusa ba.

Larry Hyman na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley ya taƙaita sharuɗɗan danni zuwa biyu. Dole kowace cikakkiyar kalma ta sami gaɓar da ke ɗauke da babban danni, kuma ba za ta sami fiye da ɗaya ba. Kamar sarautar gari ce: ba a barin ta babu sarki, ba a kuma naɗa biyu.

Yanzu a auna Hausa da waɗannan sharuɗɗa. Faɗi makaranta, inda yara ke zuwa karatu. Gaɓoɓinta huɗu duk a sama suke, babu wadda ta ɗara wata. Faɗi ayaba: uku ne, duk a ƙasa. Wace ce sarauniya a cikinsu? Babu. Sannan faɗi makaranta, jam'in makaranci, masu karatu. Murya ta fara a sama, ta sauka a gaɓa biyu na tsakiya, ta sake hawa a ƙarshe, ga tudu biyu ke nan a kalma ɗaya. Hausa ta karya sharuɗɗan nan duka biyu, domin a wurinta kowace gaɓa da nata karin, sama ko ƙasa ko faɗau, kuma karin wani yanki ne na kalmar kamar baƙi da wasali. Wuya na jiki sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Kuka na hawaye sama-sama, kuka ta miya sama-ƙasa. Har nahawu karin yake ɗauka. "Ya zo" da karin sama da dogon wasali labari ne, an riga an zo. Da karin ƙasa da gajeren wasali umarni ne ko fata. Da faɗau kuwa, ana sa ran zuwansa ne nan gaba. Rubutunmu na yau da kullum ya bar duk wannan ga mai karatu, kuma ina ganin wannan na daga cikin dalilan da suka sa Hausawa da yawa ba su san harshensu yana da shi ba, alhali ba sa kuskurensa a baki.

Tsakanin waɗannan biyu ne ake ajiye Japananci, kuma a nan ne ruɗani ya fi yawa. A karin harshen Tokyo, abin da kalma take ɗauke da shi shi ne gurbi ɗaya inda murya za ta faɗo daga sama. Da an san gurbin, sauran duk ƙa'ida ce ke cike su: ana farawa a ƙasa sai fa idan gaɓar farko ce gurbin, a hau a zauna sama har a kai gurbin, daga nan a sauka ba a sake hawa ba. Kalmar hashi tana nufin abu uku. Idan sandunan cin abinci ake nufi, faɗuwar tana bayan gaɓar farko, sama-ƙasa. Gada da gefe kuwa duka ƙasa-sama ne idan aka faɗe su su kaɗai, ba a iya raba su. Sai an liƙa musu ɗan harafin ga mai nuna aikau sannan asiri ya tonu: a gada murya ta faɗo a kan ga, a gefe ta ci gaba da zama sama, domin wannan kalma ba ta da gurbin faɗuwa sam.

Wannan tsari ya yi kama da danni ta fuskar cewa gurbi ɗaya ne kacal a kalma. Ya saɓa masa ta fuska biyu: ɗimbin kalmomi ba su da gurbin ko kaɗan, kuma da hawa da saukar murya kawai ake nuna shi, ba da jan gaɓa ko dusar da wasalin maƙwabta ba. Lissafi ya fi fito da tazarar. A kalma mai gaɓa uku, danni yana da zaɓi 3. Sunayen Tokyo suna da 4, gurbi uku da kuma rashin gurbi. Harshe mai karin sama da ƙasa a kowace gaɓa yana iya kaiwa 8, tun ba a sa faɗau a ciki ba, ko da yake Hausa ba ta amfani da su daidai wa daida. Hyman dai bai yarda wannan rukuni na tsakiya jinsi ne mai cin gashin kansa ba. A ganinsa an tara harsuna ne masu halaye mabambanta, irin su Japananci da Somaliyanci da harshen Suwidin, a ƙarƙashin suna ɗaya, alhali na Suwidin yana da danni sosai sannan ya ɗora kari iri biyu a kansa. Na fi karkata ga wannan ra'ayi. Ya fi amfani a yi wa kowane harshe tambaya biyu a rarrabe: yana da danni? Yana da karin da ke raba kalmomi? Amsar tana iya zama e ga duka biyun.

Kalmomin da muka aro daga Ingilishi sun nuna yadda kunnen Bahaushe ya fassara danni da ya ci karo da shi, batun da William Leben na Jami'ar Stanford ya yi nazari a kai. Gaɓar da Bature ya danna mun ba ta karin sama, ƙarshen kalma kuma muka saukar. Haka mota da soja da tebur da gwamna duk suka zama sama-ƙasa. Idan gaɓar farko ba ta da danni a asali, sai ta sami karin ƙasa, kamar a siminti, ƙasa-sama-ƙasa. Idan kuwa kalmar gaɓa ɗaya ce, babu filin raba hawa da sauka, sai su haɗu su zama faɗau, kamar a bas da fam da kwas. Wannan dabara ce ke bin mu har cikin Turancinmu, inda mukan ɗaga murya a gurbin da ya dace amma mu bar kowane wasali cike da tsawonsa, ba mu dusar da komai ba. Baturen da ke koyon Hausa shi kuma akasin haka yake yi: yana neman gaɓa ɗaya da zai danna a makaranta, ya zaɓi ran, ya haɗiye sauran ukun, sai kalmar ta fito ba wurin karatu ba, ba kuma masu karatun ba.