Gwal ɗin Mama: Yadda Ake Raba Shi Ba a Ɓata Zumunci Ba

A gidaje da yawa, da zarar uwa ta rasu sai a ce sarƙa da awarwaronta na 'ya'ya mata ne kaɗai. Ba haka shari'a ta ce ba. Gwal dukiya ce kamar gona, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, sai dai abin da marigayiyar ta bayar kyauta aka karɓa tun tana raye.

Bayan an biya bashi da wasiyya, a kai kayan wurin masu sayar da gwal biyu ko uku, a auna gaban magada. Nauyi da karat ake dubawa, domin giram ɗin karat 18 bai kai na 21 daraja ba. Duwatsun ado ba sa shiga awo.

A ce ta bar giram 120, duk karat 21, ga miji, 'ya'ya maza biyu da mata biyu, iyayenta kuma sun riga ta. Miji yana da rubu'i, giram 30. Sauran 90 a kasa shida: kowane namiji 30, kowace mace 15.

To, idan babbar 'ya ta ƙwallafa rai a kan awarwaro mai giram 25 saboda tunawa da mahaifiyarta? A ganina a bar mata, kada a narka. Sai ta biya kuɗin giram 10 da ya ɗaru a kan rabonta, bisa farashin ranar, hannu da hannu, tunda cinikin gwal ba ya karɓar jinkiri.

Don Allah a rubuta komai gaban shaidu, kuma kada a yafe kason maraya a madadinsa.