Wake da shinkafa na mutum 50: yadda ake ninka awon mutum shida ba tare da an ɓata tukunya ba

A Nima da Maamobi ba a rasa suna ko walima a ƙarshen mako, kuma sau da yawa abincin da ake sa rai shi ne wake da shinkafa, wanda masu sayarwa ke rubutawa "waakye" a allunansu. Sunan ma daga kalmarmu ta wake ya samo asali. Mace takan iya dafa na gidanta ido rufe, amma a ce mata baƙi 50 ne za su zo, sai hankali ya tashi. Ko abinci ya ƙare tun rabin baƙi ba su samu ba, a ji kunya gaban surukai, ko kuma a kashe kuɗi a kwana da tulin shinkafa tana lalacewa.

Na shekara da shekaru ina taya gwaggona girkin taro a Maamobi, kuma ni ke riƙe mata lissafi. Awon da muke yi wa mutum shida a gida shi ne shinkafa kofi 3, wake kofi ɗaya da rabi, gishiri ƙaramin cokali 2, kanwa rabin ƙaramin cokali, sai karan dafi da ke ba shi jan launin nan. Kofin da nake nufi shi ne mai cin rubu'in lita.

Idan aka raba 50 gida 6, za a samu 8 da sulusi. Wannan ita ce lambar ninki. Amma sulusi yana da wuyar sha'ani a tsakiyar kasuwa, don haka na fi son a fara gano rabon mutum ɗaya. Kofi 3 ga mutum shida, kowa ya tashi da rabin kofi na shinkafa ke nan. Kofi ɗaya da rabi na wake kuwa, kowa rubu'in kofi. Sai a ninka sau 50: shinkafa kofi 25, wake kofi 12 da rabi. Da yake kofin ɗanyar shinkafa yana kai wajen giram 200, kofi 25 ya zo daidai da ƙaramin buhun nan mai kilo 5, waken kuma kimanin kilo biyu da rabi.

A lura, har yanzu shinkafa biyu ce, wake ɗaya, kamar yadda suke a ƙaramar tukunya. Wannan daidaiton shi ke riƙe ɗanɗanon. Kuskuren da na sha gani shi ne ƙari a maimakon ninki. Mutum ya ga shinkafa ta tashi daga 3 zuwa 25, wato an ƙara kofi 22, sai ya ƙara wa wake 22 shi ma. Waken ya koma 23 da rabi, kusan kai ɗaya da shinkafa, abinci ya zama wani abu daban.

A Zango kuwa, wanda aka gayyata yakan zo da maƙwabcinsa. Saboda haka gwaggo takan ce, "Kai dai ka yi mini lissafin hamsin da huɗu, ka huta." Tana da gaskiya ta fuska biyu: an samu rarar mutum huɗu, kuma 54 shida ne sau 9 cif. Shinkafa ta zama kofi 27, wake 13 da rabi. Idan kuma za a je kasuwar Nima ranar Laraba a saya da olonka, a tafi da kofin gida a ƙirga nawa olonkar mai awon take ci, domin gwangwani ya bambanta, tozon da ake yi masa ma ya bambanta.

Inda lissafin ninki yake yaudarar mutane shi ne ruwa. A ƙaramar tukunyarmu, lokacin da za a zuba shinkafa a kan waken da ya fara laushi, ruwan da ke ciki yakan kai kofi 5. Wanda ya ninka shi sau 8 da sulusi zai zuba kusan kofi 42, kuma abincinsa zai caɓe. Dalili shi ne ruwan nan kashi biyu ne. Akwai wanda shinkafa ke shanyewa, a ce kofi 4, akwai wanda ke tafiya a tururi, a ce kofi ɗaya. Na farkon yana bin yawan shinkafa, don haka a ninka shi gaba ɗaya, ya zama kimanin 33. Na biyun kuwa faɗin bakin tukunya yake bi. Tukunyar da ta ninka wata sau takwas wajen ci, in siffarsu ɗaya ce, faɗinta ninki biyu ne kawai, filin saman ruwanta kuma ninki huɗu. Ke nan tururin zai ci kofi 4, ba 8 ba. Jimilla wajen kofi 37.

Waɗannan lambobi na tukunyarmu ne da irin shinkafar da muke saye. Wata shinkafar ta fi wata shan ruwa, wutar gawayi kuma ba ɗaya take da ta gas ba. Abin da muke yi shi ne mu kwashe wani kaso na jan ruwan waken mu ajiye a gefe da zafinsa, mu fara da kofi 35. Idan ruwa ya tsotse, aka murza ƙwayar shinkafa aka ji tsakiyarta da tauri, sai a yayyafa kaɗan a rufe. In kuwa sama ya nuna alhali ana jin ruwa na tafasa a ƙasa idan an soka muciya, to ya yi yawa, a buɗe murfi a rage wuta.

Gishiri a ƙa'ida yana bin yawan abinci. Ƙaramin cokali 2 sau 8 da sulusi ya kusa 17, kuma tunda ƙanana uku ke yin babba ɗaya, babban cokali biyar da rabi ke nan. Duk da haka mu kan fara da huɗu, mu ɗanɗana ruwan kafin shinkafa ta shiga. Kanwa ta fi shi haɗari. Lissafi ya ce ƙaramin cokali huɗu da ɗan ɗoriya, amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan. In ta yi yawa wake ya narke, launi ya yi duhu sosai, baki ya ji kamar sabulu. A jiƙa ta a ruwa, a zuba uku, a ga yadda waken zai yi.

Lokaci kuwa ba a ninka shi ko kaɗan. Wake ba zai yi awa takwas a wuta don an ninka shi sau takwas ba. Abin da ke ƙaruwa shi ne jiran babbar tukunya ta tafasa, sai kuma soya miya, wadda ke daɗewa kafin ruwan tumatir ya ƙone idan tukunyar mai zurfi ce.

Ƙwai da nama da ganda ƙirga ake yi, kai da kai. Kiret ɗin ƙwai 30 ne, don haka biyu za a saya, goman da suka ragu su rufe gurbin waɗanda za su fashe.

Sai girman tukunya. Ɗanyen hatsi kofi 37 da rabi bai kai lita 10 ba, amma in ya nuna yakan kumbura ya doshi lita 25. Ana bukatar tukunya mai lita 35 ko 40 don a samu wurin juyawa. In babu, a raba biyu, kowace da shinkafa kofi 12 da rabi, wake kofi 6 da rubu'i. Ni ma na fi son hakan, domin gindi bai cika kamawa ba. Sai dai tukunya biyu baki biyu ne, tururi zai fi tafiya, don haka ruwan da aka ajiye a gefe kusan duka zai shiga.